Daga AdWords zuwa Performance Max: yadda linzami ya bar hannun mai talla

A watan Oktoban 2000 Google ya buɗe AdWords da masu talla kimanin 350. Yarjejeniyar wancan zamani a fili take. Mai talla shi ke zaɓar kalmomin da yake son tallarsa ta fito a kansu, shi ke rubuta tallar, daga 2002 kuma shi ke yanke kuɗin da zai biya a kan kowane latsawa. Idan kalma ta ci kuɗi ba ta kawo ciniki ba, yana ganinta a rahoto, sai ya cire ta.

Wannan iko bai kuɓuce a dare ɗaya ba. An fara da tallan manhajoji a 2015, aka bi da Smart Shopping a 2018, inda na'ura ta karɓi ragamar farashi da wurin da talla za ta bayyana. A watan Nuwamban 2021 aka buɗe Performance Max ga kowa, sannan a 2022 aka mayar da kamfen ɗin Smart Shopping cikinsa. Kamfe guda yanzu yana yawo a shafin bincike, da YouTube, da Gmail, da Maps, da Discover, da dubban shafukan da Google ke sayar wa gurbin talla.

Abin da ya rage a hannun mai talla shi ne kayan haɗi da manufa. Yana ba da kanun talla har 15, da hotuna har 20, da tambari da bidiyo, amma tsarin ne ke haɗa su yadda ya ga dama. Wanda bai ba da bidiyo ba, ana iya harhaɗa masa ɗaya daga hotunansa a nuna a YouTube da sunansa. Akwai kuma Final URL expansion, wanda a kunne yake zuwa, yana ba tsarin damar kai mai saye wani shafi dabam da wanda aka zaɓa.

Batun masu kallo ya fi ruɗi. Jerin tsofaffin abokan ciniki da mai talla ke lodawa a Audience signals shawara ce kawai. Daga nan tsarin ke farawa, amma ba shinge ba ne, zai tsallake duk sa'ar da ya hango ciniki a waje.

Babban haɗarin yana cikin manufar kanta: tsarin na bin abin da aka ce ya ƙirga ta hanya mafi arha. A ɗauka wani kantin takalma ya kashe naira 500,000 a wata, rahoto ya nuna cinikin naira miliyan 5, wato ninki goma. Da aka rarrabe, sai aka ga naira 50,000 ta tafi ne ga mutanen da suka rubuta sunan kantin da kansu, su ne kuma suka kawo miliyan 3.5. Galibinsu da ma suna tafe, ko da talla ko babu. Sauran naira 450,000 ta kawo miliyan 1.5 kacal. Idan ribar kantin kashi 25 cikin ɗari ce, wannan cinikin ya bar naira 375,000, ƙasa da abin da aka kashe a kansa. Rahoto na yabo, aljihu na zuba.

Alamar ba ta da wuyar ganewa. Cinikin da kamfe ke iƙirari yana hawa, jimillar da ke littafin kanti tana nan inda take, masu shigowa ta binciken kyauta kuma suna raguwa. Gwajinsa shi ne a saka sunan kantin a Brand exclusions, a jira makonni, a duba littafin kanti maimakon allon Google.

Haɗari na biyu shi ne wurin da talla ke sauka. A watan Agustan 2023 kamfanin bincike na Adalytics ya ba da rahoton cewa tallace-tallacen da aka yi domin manya sun bayyana a tashoshin YouTube na yara ta hanyar Performance Max. Google ya musanta cewa ya karya ƙa'idojin kare yara, amma masu talla da dama sun farga cewa ba su san inda kuɗinsu ke kwana ba.

Koke-koke sun yi tasiri. A 2023 aka kawo Brand exclusions, a 2025 kuma aka ba da damar hana wasu kalmomi a kan kamfe, tare da rahoton da ke nuna abin da kowace kafa ta kawo. Sai dai gani dabam, iko dabam: mai talla na iya ganin rabon YouTube, amma rabon kasafin tsakanin kafofin aikin na'ura ne. Saboda haka aikinsa ya koma wani wuri. A 2002 gwani shi ne wanda ya iya zaɓar kalma. Yau gwani shi ne wanda ya san cinikin da ya cancanci a ƙirga, ya kuma riƙe nasa lissafin a gefe.