Nazarin Bambancin Clone Stamp da Healing Brush Wajen Goge Wayar Lantarki daga Sararin Samaniya a Hoto

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta aikin Clone Stamp da na Healing Brush na manhajar Photoshop a kan matsala guda, wato wayar lantarki da ta ratsa sararin samaniya a hoto. An bi hanyar lissafi, inda aka ƙaddara layin fiksel mai sanannen haske, aka duba abin da kowannensu zai ajiye a gurbin wayar. An gano cewa kuskuren Clone Stamp daga wurin ɗiba yake tasowa, na Healing Brush kuwa daga bakin wurin gyara. Saboda haka abin da ke maƙwabtaka da wayar shi ke nuna wanda ya dace a ɗauka.

1.0 Gabatarwa

Duk mai ɗaukar hoton gini ko masallaci a cikin gari ya san yadda waya ke shiga masa hoto ba gayyata. A ido goge ta abu ne mai sauƙi, tunda bayanta shuɗi ne kawai. Sai dai shuɗin ba ɗaya ba ne. Sama takan yi duhu can ƙololuwa, tana ƙara haske sannu a hankali yayin da ake gangarowa inda ta haɗu da ƙasa. Ido ba ya lura da wannan hawa-hawar sai an karya ta, kuma da an karya ta ko da kaɗan ne, facin zai fito fili, domin babu ganye ko bulo da zai ɓoye shi.

Clone Stamp ya daɗe a Photoshop, tun ana kiran sa Rubber Stamp. Healing Brush ya zo ne a Photoshop 7.0 a shekarar 2002, kuma Todor Georgiev na kamfanin Adobe ya yi rubutu a kan lissafin da ke ƙarƙashinsa. A 2003 Patrick Pérez da Michel Gangnet da Andrew Blake suka gabatar da maƙalarsu mai suna Poisson Image Editing a taron SIGGRAPH, wadda ta bayyana irin wannan dabara ta ɗinke faci ba tare da an ga bakinsa ba. Sauƙaƙƙen fasalin wannan dabara aka ɗauka a nan a matsayin ma'auni. Ba a sa Spot Healing Brush a nazarin ba, domin shi ke zaɓar wa kansa wurin ɗiba.

2.0 Yadda kowannensu ke aiki

Farkon aikin iri ɗaya ne. Mai gyara zai danne `Alt` ya latsa wani wuri mai tsabta a sama, wannan shi ne wurin ɗiba, sannan ya shafa buroshi a kan wayar. Daga nan suke rabuwa. Clone Stamp yana kwaso fiksel ɗin wurin ɗiba yadda suke, da haskensu da launinsu da tsaki-tsakin da kyamara ta bari a cikinsu, ya ajiye. Bai san abin da ke kewaye da wurin gyara ba, kuma ba ruwansa da shi.

Healing Brush yana kwaso abu guda, amma sai ya auna bambancin da ke tsakanin facin da hoton asali a duk bakin wurin da aka shafa, ya baza wannan bambanci cikin facin a hankali har bakin ya ɓace. Ana iya rubuta shi haka:

```
f = g + h
```

A nan `g` shi ne abin da aka ɗebo, `h` shi ne gyaran da aka ƙididdige daga baki, `f` kuma abin da za a gani. Ke nan tsaki-tsaki da siffa daga wurin ɗiba suke zuwa, haske da launi kuwa daga maƙwabtan wurin gyara.

3.0 Misalin lissafi a buɗaɗɗiyar sama

A hoto mai bit 8, hasken kowane launi yana tsakanin 0 da 255. A ƙaddara sama ce da haskenta ke ƙaruwa da mataki 1 a duk fiksel 10 da aka gangaro. Waya mai kaurin fiksel 6 ta ratsa ta a kwance, an ɗauki buroshi mai faɗin fiksel 20. A bakin buroshin na sama haske 150 ne, a na ƙasa 152. An ɗebo daga fiksel 100 sama da wayar, inda haske yake 140 zuwa 142.

Clone Stamp zai ajiye 140 zuwa 142 a inda ya kamata a ga 150 zuwa 152. Waya ta tafi, amma ta bar zirin da ya fi kewayensa duhu da mataki 10, wanda ya ninka ta faɗi fiye da sau uku. Idan aka matso da wurin ɗiba zuwa fiksel 30 daga wayar, bambancin zai ragu zuwa mataki 3, amma ba zai kai sifili ba. Dalilin yana da ban sha'awa. Fiksel masu haske daidai da na bayan wayar suna kan layi ɗaya da ita a kwance, kuma su ne wayar ta rufe. Shi ya sa waya mai kwance ta fi wadda ta karkace wahalar da Clone Stamp. Idan ta karkace, ana iya ɗiba daga dama ko hagu a tsayi ɗaya, a sami haske da ya yi kusa ƙwarai da wanda ake nema.

Healing Brush kuwa zai ga bambancin 10 a bakin sama, wato 150 a cire 140, da 10 a bakin ƙasa, wato 152 a cire 142. Gyaran `h` ya zama 10 a ko'ina, sakamakon ya koma 150 zuwa 152 cif, da tsaki-tsakinsa. Nisan wurin ɗiba bai dame shi ba ko kaɗan. A buɗaɗɗiyar sama babu wata gardama, shi ne gaba.

Masu gyara kan yi ƙoƙarin ɓoye zirin Clone Stamp ta hanyar rage `Hardness` don bakin buroshi ya yi laushi. Dabarar tana aiki, amma da farashi. A inda faci da hoton asali suka gauraya rabi da rabi, tsaki-tsakin ɓangarorin biyu yana kashe juna, ƙarfinsa ya ragu zuwa wajen kashi 71 cikin 100. A hoton rana tsaka ba lallai a lura ba. A hoton magariba da aka ɗauka da ISO mai yawa, sai a ga layi biyu masu santsi suna bin hanyar da waya ta bi. Healing Brush ba ya bukatar wannan laushi, tunda shi da kansa yake narkar da baki, don haka buroshi mai tauri ya fi dacewa da shi.

4.0 Inda Healing Brush ke faɗuwa

Ƙarfinsa daga baki yake, rauninsa ma daga nan. Duk abin da ya tarar a bakin wurin da aka shafa yakan ɗauke shi a matsayin gaskiya, ko da falwaya ce. A ɗauki wurin da wayar ta isa jikin falwaya mai duhu, haskenta 40. A wani gefen buroshi akwai sama mai 151, a ɗaya gefen falwaya, an kuma ɗebo 141. Gyaran zai zama 10 a gefen sama, ya zama 101 ƙasa da sifili a gefen falwaya. Idan aka baza shi daidai wa daida tsakanin gefen biyu, tsakiyar facin zai sauka wajen 95 a maimakon 151. Wannan shi ne baƙin dabbaren nan mai kama da hayaƙi da ke fitowa daga jikin falwaya ko rufin gini ko reshen itace. Rage `Diffusion` yakan taƙaita yaɗuwarsa, amma ba ya kawar da tushensa.

Akwai kuskure na biyu da ya fi wannan ɓoyuwa. Waya a hoto ba ta ƙarewa a inda ido ya ga ta ƙare. Tana da geza: dushi-dushin da gilashin kyamara ya haifar, farin layin da ƙarin kaifi ke zanawa a gefenta, wani lokaci jan layi ko kore, ga kuma ƙurajen da matsin JPEG ke bari a murabba'ansa na fiksel 8 sau 8. Idan buroshi ya yi ƙanƙanta har bakinsa ya faɗa kan gezar mai haske 125 a gefe biyu, `h` zai janyo facin gaba ɗaya zuwa 125. Wayar ba ta nan, inuwarta na nan. Magani shi ne buroshin ya zarce wayar da gezarta duka, bakinsa ya sauka a kan sama tsantsa. Ga waya mai fiksel 6, buroshi mai 10 ya yi kaɗan, mai 18 zuwa 20 ya fi aminci.

Bakin gajimare matsala ce ta daban. Idan waya ta ratsa inda fari ya haɗu da shuɗi, aka ɗebo daga shuɗi zalla, Healing Brush zai cakuɗa su ya bar dusashen wuri a bakin da ya kamata ya fito sarai. Dole wurin ɗiba ya ƙunshi irin wannan bakin, a daidaita shi da na wurin gyara. Da zarar an yi haka, dukansu biyu suna iya aikin.

5.0 Tsarin da lissafin ya nuna

A buɗe sabon `Layer`, a sa `Sample` a kan `Current & Below` don hoton asali ya tsira. A fara da Clone Stamp, da buroshi mai ɗan tauri, a yanke wayar daga jikin falwaya ko gini, a buɗe giɓin da ya fi faɗin buroshin da za a yi amfani da shi daga baya. A nan rashin kulawarsa da maƙwabta shi ne alherinsa, ɗan bambancin hasken da zai bari kuma a ƙaramin wuri ne. Wata hanyar ita ce a zagaye wurin da zaɓi wanda ya bi bakin falwayar daidai kafin a shafa Healing Brush, domin zaɓin yana hana launin waje kwararowa ciki.

Bayan wayar ta zama tsibiri a tsakiyar sama, sai a koma Healing Brush, da alama a kan `Aligned` don wurin ɗiba ya riƙa bin buroshi. A latsa farkon wayar, a danne `Shift` a latsa gaba, layi madaidaici zai haɗa su. Da yake waya tana lanƙwasa tsakanin falwaya biyu saboda nauyinta, gajerun gaɓoɓi sun fi dogon layi guda. A kuma lura kada wurin ɗiba ya hau kan wata wayar, musamman inda uku ko huɗu suke jere.

Ido kaɗai ba ya isa shaida. A ɗora `Curves` a saman komai, a miƙar da layinsa sosai a daidai hasken sama, ta yadda bambancin mataki 2 ko 3 zai fito ƙarara. Ziri mai kaifin baki alama ce ta Clone Stamp da aka ɗebo daga nesa. Dabbare mai narkewa alama ce ta Healing Brush da ya taɓa abu mai duhu. Idan layin `Curves` ya miƙe, aka kasa gane inda wayar ta bi, sai a goge shi a ajiye hoton.