Tsakanin Ɗanyen Bayani da Adadin da Aka Buga: Abin da Jadawalin Reinhart da Rogoff Ya Fallasa

Idan maƙalar bincike ta ce an ajiye bayananta a wuri kaza domin kowa ya duba, yawancin masu tantancewa sukan ɗauka an sauke nauyi. A ganina wannan ƙaramin ma'auni ne. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: shin baƙon da bai san marubutan ba, kuma ba shi da hanyar tuntuɓarsu, zai iya ɗaukar abin da aka ajiye ya bi shi daki-daki har ya isa ga ainihin adadin da ke cikin jadawalin maƙalar? Tsakanin ɗanyen bayani da wannan adadi akwai shawarwari da yawa da mai bincike yake yankewa shi kaɗai, kuma a nan ne sakamako yake samun kamanninsa. Akwai wata maƙala a fagen tattalin arziki da ta nuna wannan ƙarara.

A shekarar 2010 Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff suka wallafa “Growth in a Time of Debt” a fitowar mujallar American Economic Review da ke tattara takardun taron shekara, fitowar da ba ta bi ta tantancewar masana irin wadda aka saba. Sun duba ƙasashe 20 masu ci gaba daga 1946 zuwa 2009, suka kasa shekarun gida huɗu bisa nauyin bashin gwamnati idan aka auna shi da arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Abin da ya ja hankalin duniya shi ne rukunin ƙarshe: inda bashi ya haura kashi 90 cikin ɗari, matsakaicin haɓakar tattalin arziki ya faɗi zuwa −0.1 cikin ɗari. Lokacin ana tsakiyar muhawarar tsuke bakin aljihu, sai 'yan siyasa irin su Paul Ryan a Amurka da Olli Rehn a Tarayyar Turai suka riƙa kafa hujja da wannan iyaka ta kashi 90.

Ba za a ce marubutan sun ɓoye alƙalumansu ba. Tarihin bashin ƙasashe da suka sha wahalar tattarawa yana shafinsu na intanet. Da shi ne Thomas Herndon, ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, ya fara aikin da aka ba su a aji na sake fitar da sakamakon wata maƙala da aka buga. Ya yi ta lissafi wata da watanni, adadin ya ƙi fitowa. Sai a watan Afrilun 2013, da marubutan suka aiko masa da ainihin jadawalin Excel da suka yi aiki da shi, sannan ya ga inda gizo ke saƙar. Shi da malamansa Michael Ash da Robert Pollin suka fitar da rahoto a watan, suka nuna cewa idan aka haɗa dukkan shekarun aka ba kowace shekara nauyi ɗaya, matsakaicin 2.2 ne, ba −0.1 ba.

Kuskuren da ya fi yin suna shi ne na gidan da ke lissafa matsakaici. Abin da ke ciki shi ne:

```
=AVERAGE(L30:L44)
```

alhali jerin ƙasashen ya kai layi na 49. Layuka biyar na ƙarshe, wato Ostareliya da Ostiriya da Beljiyam da Kanada da Denmak, sun faɗo daga lissafi. 'Yan jarida sun rungumi wannan domin yana da sauƙin bayani, amma ba shi ne babban ba. A yadda jadawalin yake, Beljiyam ce kaɗai cikin biyar ɗin take da adadi a rukunin sama da kashi 90, shekara 25 da matsakaicin haɓaka 2.6, kuma dawo da ita yana ɗaga sakamakon da kusan 0.3 ne kawai.

Sauran tazarar ta fito ne daga shawarwari biyu. Ta farko, shekarun farkon bayan Yaƙin Duniya na Biyu na ƙasashe uku ba su shiga ba: 1946 zuwa 1950 na Ostareliya da Kanada, da 1946 zuwa 1949 na New Zealand. Ta biyu, an fara fitar wa kowace ƙasa matsakaicinta, sannan aka haɗa ƙasashen da nauyi daidai, ko da ɗaya ta shafe shekara goma sha tara a rukunin, ɗaya kuma shekara guda.

Lissafin ƙarami ne har mai karatu zai iya yin sa da biro. Ƙasashe bakwai ne suka rage a rukunin: Girka 2.9, Ayaland 2.4, Italiya 1.0, Japan 0.7, Birtaniya 2.4, Amurka −2.0, sai New Zealand. Ita New Zealand shekara ɗaya tak ta rage mata, 1951, shekarar doguwar takaddamar ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa, inda tattalin arzikinta ya ja baya da 7.6 cikin ɗari. A wajen kwafe adadin zuwa shafin taƙaitawa ma sai ya koma −7.9. Ƙasashe shida na farko jimillarsu 7.4. A cire 7.9, saura −0.5, a raba gida bakwai, a samu kusan −0.07, wanda aka cike zuwa −0.1. To a mayar wa New Zealand shekarunta huɗu da aka bari: matsakaicinta na shekara biyar ya zama 2.6, jimilla ta zama 10.0, a raba bakwai a samu 1.4. Ke nan shekara ɗaya ta ƙasa ɗaya, da aka ba ta nauyi daidai da shekara 19 na Birtaniya, ita ce ta ja adadin zuwa ƙasa da sifili. Cikin shekaru 110 na ƙasashen da ke rukunin, 71 ne suka shiga lissafi.

Adalci ne a faɗi abin da Reinhart da Rogoff suka ce. Sun amsa kuskuren Excel nan take. Game da shekarun da aka bari, sun ce a lokacin rubutu ba su gama tantance waɗannan alƙaluma ba, kuma sun yi watsi da zargin zaɓen son rai. Sun kuma tunatar cewa maƙalar ta kawo adadin tsakiya, wanda ƙasa ɗaya mai lissafi na fitar hankali ba ta iya karkatar da shi sosai, kuma shi 1.6 ya nuna. Ba masu rashin hankali ne suke ba ƙasashe nauyi ɗaya ba. Ana iya kare hakan da cewa shekarun ƙasa guda da ke bin juna ba shaidu ne masu zaman kansu ba. Abin da ba za a iya karewa ba shi ne a ce shekara uku ana gina manufofin ƙasashe a kan adadi, alhali babu wanda ke waje da zai iya ganin yadda aka haife shi.

Daga nan nake ɗauko yadda ya kamata mai tantancewa ya yi aiki. Kada ya fara da leƙa abin da ke cikin ma'ajiyar. Ya fara da zaɓar adadi ɗaya da maƙalar ta dogara a kansa, ya bi shi da baya. Wane layi ne na kod, wato umarnin da aka rubuta wa kwamfuta, ya fitar da shi? Wane fayil wannan layi ya karanta? Shi fayil ɗin ɗanye ne kamar yadda ya fito daga tushe, ko an riga an tace shi? Idan tatacce ne, ina kod ɗin da ya tace shi? Duk inda sarƙar ta yanke, inda amsar ta zama “da hannu aka yi”, nan ne ya kamata a tsaya. Alama mafi saurin tona matsala ita ce yawan abin da aka ƙirga. Da jadawalin 2010 ya nuna wa mai karatu ƙasa nawa da shekara nawa suka shiga wancan matsakaici, da duk wanda ya ƙirga 110 a nasa lissafin ya ga 71 ya san akwai abin da ya zube a hanya. Shi ya sa nake ganin kafin a kwatanta sakamako, a fara kwatanta yawan layukan bayanai a kowane mataki.

Bayan wannan sai gwaji na zahiri: a sauke komai a kwamfutar da ba ta taɓa ganin aikin ba, a bi abin da fayil ɗin README ya ce ba ƙari ba ragi. A nan ake cin karo da adireshin fayil da ke nuni ga kwamfutar marubuci, da manhajar da aka sabunta har ta sauya hali, da lissafin da ke amfani da zaɓen ƙuri'a ba a tsayar masa da lambar farawa ba. A manhajar R, ajiye abin da `sessionInfo()` ya nuna da sanya `set.seed()` suna rage wannan ciwon kai ƙwarai. Bambanci a lamba ta huɗu bayan ɗigo ba abin tayar da hankali ba ne. Sauyawar alama daga ƙari zuwa ragi, ko sauyin yawan layuka, shi ne abin bincike.

Akwai kuma batun ranar da aka sauko da bayanan, wanda mutane ke rainawa. Alƙaluman tattalin arziki ana yi musu gyara. A watan Afrilun 2014 Nijeriya ta sauya shekarar da take auna arzikinta da ita daga 1990 zuwa 2010, sai ƙiyasin 2013 ya tashi zuwa kimanin dala biliyan 510, ƙarin kusan kashi 89 cikin ɗari. Bashin bai ragu da ko kwabo ba, amma nauyinsa a kan arzikin ƙasa ya kusa raguwa da rabi a takarda. Maƙalar da ta ce ta ɗauko alƙalumanta daga Bankin Duniya, ba ta ajiye kwafin da ta yi aiki da shi ba kuma ba ta faɗi rana ba, ta nuna wa mai karatu kasuwa ne, ba ta ba shi mudun da ta auna da shi ba.

Matsalar ba ta mutum biyu ba ce. A 2015 Andrew Chang da Phillip Li suka gwada maƙalu 67 daga mujallun tattalin arziki 13, suka iya sake fitar da babban sakamakon 22 kawai ba tare da tuntuɓar marubuta ba. Ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka, mai buga mujallar da maƙalar 2010 ta fito, ta naɗa Lars Vilhuber editan bayanai a 2018, kuma daga 2019 ana gudanar da kod ɗin maƙala a ga ko ya haifi jadawalanta kafin a buga ta. Inda bayanan na sirri ne, kamar na marasa lafiya, ba a tilasta a baza su. Ana neman kod ɗin gaba ɗaya da cikakken bayanin yadda wani mai bincike zai nemi izinin ganinsu.

Dole kuma a san iyakar wannan gwaji. Da a ce jadawalin Excel ɗin yana fili tun 2010, duk wanda ya buɗe shi zai sake samun −0.1 daidai, tare da kuskurensa. Sake fitar da adadi ba ya tabbatar da ingancinsa, sai dai ya buɗe shawarwarin da ke ƙarƙashinsa domin a yi jayayya a kansu. Ko 2.2 ɗin da aka gyara yana ƙasa da haɓakar ƙasashe masu ƙarancin bashi, kuma bai amsa tambayar da masana suka ci gaba da ja-in-ja a kanta ba: bashi ne ke rage haɓaka, ko raunin haɓaka ne ke tara bashi? Abin da gyaran ya rusa shi ne iƙirarin cewa akwai wani rami a daidai kashi 90. Rahoton Herndon da Ash da Pollin ya fito a Cambridge Journal of Economics a 2014, kuma tun fitowarsa ta farko sun saki bayanansu da kod ɗinsu na R tare da shi.