Yadda Na'ura Ta Koyi Karanta Allunan Majigi

Wanda aka turo wa darasi a allunan majigi arba'in, ya buɗe ya tarar ashe kowane allo hoto ne da aka ɗauka daga fuskar kwamfuta, ba zai iya kwafe ko harafi ɗaya ba, domin abin da idonsa ke gani rubutu, a wurin na'ura ɗige-ɗige ne na launi kawai. Ilmin mayar da waɗannan ɗige-ɗige haruffa, wanda ake kira OCR, ya girmi majigin kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma daga nan ne galibin wahalar ta samo asali.

Tun a 1929 Gustav Tauschek ya yi rajistar wata na'urar karatu a Jamus, wadda ke gwada kowane harafi da siffar da aka yanka mata. A 1976 Ray Kurzweil ya fito da wadda ke karanta wa makafi littafi da murya, ko da wane irin ɗab'i aka buga shi. Sa'an nan kamfanin Hewlett-Packard ya gina Tesseract tsakanin 1985 da 1994, aka sake shi kyauta ga jama'a a 2005, Google ya ɗauki rainonsa a 2006. Dukansu kuwa shafin littafi aka yi su domin shi: baƙin tawada a kan farar takarda, sadara bayan sadara, irin wanda a yau aka saba ɗauka da ɗigo 300 a kowane inci.

Shi kuwa PowerPoint, da ya fito a 1987, wata halitta ce dabam ya kawo, domin allon majigi yana da take a sama, da guntayen jimloli marasa aya, da akwatuna da kibiyoyi, sau da yawa ma farin rubutu ne a kan shuɗi. Idan kuma aka ɗauki hotonsa daga fuskar kwamfuta, wadda bisa al'ada ɗigo 96 ake lissafa mata a inci, sai ƙananan haruffa su kasa samun isassun ɗige-ɗigen da za su bambanta su. Saboda haka masu aikin suka koyi gyara hoton tun kafin su miƙa shi ga Tesseract: a ninka girmansa uku, a cire launi, a juya shi idan bayansa duhu ne.

```
magick allo.png -alpha off -resize 300% -colorspace Gray -negate gyara.png
tesseract gyara.png allo -l eng --psm 11
```

Wannan `--psm 11` umarni ne cewa ya tsinci rubutu duk inda ya warwatsu, kada ya zaci shafi ne mai tsari. Amma yana da farashi, domin ba ya lamunce jerin karatu: allo mai akwatuna biyu, fa'ida a dama, illa a hagu, yana iya fitowa a cakuɗe, har a jingina wa abu kishiyar hukuncinsa.

Bayan an fito da rubutun, sai a tsabtace shi kafin a ba na'urar taƙaitawa. Dalilin tsabtacewa kuwa, a ganina ba a fahimce shi sosai sai an koma 1958, lokacin da Hans Peter Luhn na IBM ya bayyana hanyar taƙaita maƙala da na'ura, bisa ƙa'idar cewa kalmar da ta yawaita ita ce jigon magana, jimlar da ta tara irin waɗannan kalmomi kuwa ita ta cancanci shiga muhtasari. To, a allunan nan arba'in, sunan kwas da na malami suna ƙasan kowane allo, watau sun zo sau arba'in, alhali ainihin mas'alar darasin ƙila sau biyar aka ambace ta. Na'urorin taƙaitawa na yau sun fi ta Luhn basira ƙwarai, amma har yanzu abin da aka ba su shi suke aiki da shi. Don haka ake share duk sadarar da ta maimaitu a mafi yawan alluna, da lambobin shafi, da alamar jeri da aka karanta a matsayin `e` ko `¢`. A haɗa jimlar da faɗin akwati ya karya biyu. A bar taken kowane allo a kan abin da ke ƙarƙashinsa. Idan kuma hotunan daga bidiyo aka ciro su, inda malami ke fito da sadara ɗaya-ɗaya, sai a riƙe hoton ƙarshe da ya cika, a zubar da na gabansa.

Saura abin da magabatanmu masu kwafar littattafai ke kira muƙabala, watau gwada kwafi da asali, kuma wannan na'ura ba ta ɗauke wa mutum shi ba. Gurɓatacciyar kalma tana tona kanta, amma `1` da ya zama `l`, ko 1.5 da ɗigonsa ya faɗi ya koma 15, lafiya lau yake shigewa cikin muhtasari. Mai rubutun Hausa kuwa nasa ya fi, domin idan da `-l eng` aka karanta, na'urar ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, sai ta ba da harafin da ya fi kama da su, ƙafa ta koma kafa, ƙasa ta koma kasa, kuma tun da duka kalmomi ne sahihai, babu mai gano su sai wanda ya ajiye hoton a gefe yana bi sadara sadara.