Dalilin da ya sa faifan kwamfutarka ya fara daga C

Duk mai amfani da Windows ya saba ganin babban faifan kwamfutarsa da sunan `C:`, amma kaɗan ne suka taɓa tambayar ina A da B suka shiga. Wanda ya koma Linux kuwa sai ya tarar babu harafi ko ɗaya, komai yana ƙarƙashin alamar `/`. Wannan bambanci ya girmi Windows da Linux duka biyu. Gado ne daga wasu na'urori iri biyu na shekarun 1970, waɗanda buƙatunsu suka sha bamban.

A shekarar 1969, a ɗakunan bincike na Bell Labs da ke jihar New Jersey ta Amurka, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a kan na'urar PDP-7, daga baya suka koma PDP-11. Na'ura ce guda da mutane da dama ke aiki a kanta lokaci ɗaya, kowa da fayilolinsa. Saboda haka suka tsara ma'ajiyar a matsayin bishiya ɗaya mai saiwa ɗaya, wato `/`, folda a cikin folda. Idan an kawo sabon faifai, ba a raɗa masa suna na kansa. Ana ɗaura shi ne a kan wata folda da umarnin `mount`, kamar yadda manomi ke yi wa mangwaro aure: reshen baƙo ne, amma da zarar ya kama ya zama na bishiyar. Mai buɗe fayil ba ya buƙatar sanin faifan da fayil ɗin yake kwance a kai. Wannan tsari Linus Torvalds ya bi sa'ad da ya fara Linux a Helsinki a 1991.

Ɗaya zuriyar ta taso ne daga ƙananan kwamfutoci. A 1974 Gary Kildall ya rubuta CP/M domin na'urar mutum ɗaya mai faifan filofi da ake sakawa ana cirewa. A nan tambayar da ke gaban mai aiki ita ce wace kafa ya zura faifan, ta farko ko ta biyu, sai aka kira su `A:` da `B:`. Folda ma babu, don abin da faifan ke ɗauka bai kai a rarraba shi ba. Tim Paterson na kamfanin Seattle Computer Products ya kwaikwayi wannan salo a 86-DOS a 1980, Microsoft ya saye shi, shi ne kuma ya fito tare da IBM PC a watan Agustan 1981.

Haruffan biyu sun zama na filofi ko da kafa ɗaya ce a jikin na'urar, domin DOS kan ɗauki kafar a matsayin A da B a lokaci guda, ya riƙa cewa a musanya faifai idan ana kwafe. Da IBM PC XT ta zo a 1983 da faifan ciki mai megabayit 10, harafin da ya rage a layi shi ne C. Filofi ya ɓace daga kasuwa tuntuni, amma manhajoji marasa adadi sun riga sun ɗauka cewa tsarin yana zaune a `C:`, don haka aka bar shi.

Wannan faifan na 1983 ne kuma ya haifar da rikicin sanda. Megabayit 10 ya yi yawa a zube ba tsari, sai DOS 2.0 ya aro folda daga Unix. Matsalar ita ce alamar `/` ta riga ta sami aiki a DOS: da ita ake ba umarni zaɓi, kamar `DIR /W`. Sai aka juya sandar, aka ɗauki `\`. A ganina wannan ne zaɓi mafi tsada a duk labarin, domin a harshen C da 'ya'yansa alamar `\` tana da ma'ana ta musamman. Ɗalibi ya rubuta wannan a Python:

```
open("C:\new\table.txt")
```

Python zai karanta `\n` a matsayin sabon layi, `\t` kuma a matsayin tazara, ya ƙi buɗe fayil ɗin alhali yana nan daram. Ana gane cutar idan aka buga hanyar a allo aka ga ta karye gida biyu. Maganinta a ninka kowace sanda, ko a rubuta `C:/new/table.txt`, don Windows yana karɓar `/` a mafi yawan wurare, kamar yadda DOS ma yake karɓa a ciki tun daga DOS 2.0.

Yadda manhaja ke tayar da wata manhaja ma ya bi wannan rarrabuwa. A Unix, aikin da ke gudana yakan kwafi kansa da `fork`, a sami uwa da ɗa iri ɗaya, sannan ɗan ya kira `exec` ya rikiɗe ya zama sabuwar manhajar. Ritchie ya rubuta cewa `fork` na farko a PDP-7 layi 27 ne kacal. A tsakanin matakan biyu ɗan yana da damar canza foldar da yake tsaye ko inda sakamakonsa zai tafi, kuma kowane aikin manhaja a Linux yana da asali da ke komawa ga aiki mai lamba 1. Windows NT, wanda Dave Cutler ya jagoranta bayan ya baro kamfanin DEC, ya fito a 1993 da wata hanya: kira ɗaya, `CreateProcess`, wanda ke gina sabon aiki kai tsaye daga fayil ɗin manhajar.

Inda abin ya fi shafar hanyoyin fayil shi ne yadda ake miƙa umarni. Linux yana ba sabon aiki jerin kalmomi a rarrabe, kowace a gurbinta. Windows yana miƙa dogon layi guda, kamar zamanin CP/M, a bar wa mai karɓa ya yanka. A ce an ba shi wannan ba tare da alamar zance ba:

```
C:\Program Files\Ofis\aiki.exe
```

Saboda tazarar da ke tsakanin `Program` da `Files`, Windows zai fara neman `C:\Program.exe`, sai bai same shi ba ya ci gaba zuwa sunan da ake nufi. Idan wani mugu ya sami ikon ajiye fayil mai wannan suna a saiwar faifan, nasa ne zai tashi, da duk ikon da aka tanadar wa manhajar gaskiya. Masu binciken tsaro har yau suna duba wannan gibi a kwamfutocin ofisoshi, kuma alamar zance biyu ce kawai ke toshe shi.

A can ciki, NT bai dogara da haruffa ba. Sunan faifan na ainihi yana kama da `\Device\HarddiskVolume1`, `C:` kuwa laƙabi ne da ke nuni zuwa gare shi, kuma tun Windows 2000 ana iya ɗaura faifai a kan folda irin ta Unix. Shi ya sa filashi ke zama `E:` yau, gobe `F:` idan wani ya riga shi shiga, hanyar da aka adana ta daina aiki. A yawancin Linux na tebur filashin yakan bayyana a ƙarƙashin `/media` ko `/run/media` da sunan da aka raɗa masa. Da Microsoft ya kawo WSL a 2016 don gudanar da manhajojin Linux a cikin Windows, sai da aka yi tafinta tsakanin gidajen biyu: faifan `C:` ya koma `/mnt/c`. Manhajar Wine, mai gudanar da kayan Windows a Linux, ta yi akasin haka, ta ba saiwar `/` harafin `Z:`.