Wanzancin Gida-Gida da Tsabtar Kayan Aiki

A Maijirgi, cikin yankin Tasawa na jihar Maradi, manomi yana iya haɗa noma da wanzanci. Yakan bi mutane har gida, musamman ranar suna da jajibirin salla. Kayan aikin ba su da yawa: zabira, reza, almakashi, mataji, sabulu da ruwan jabel.

Haɗarin sana'ar yana bakin aska. Idan ta yanki mutum, jini yakan maƙale mata ko da ido bai gan shi ba. Ta haka ciwon hanta da sida suke iya kama wanda aka aske bayansa. Mataji kuma yana yaɗa makero tsakanin yara.

A ce an kira ka gida mai yara 4. Ka tafi da sabuwar reza 4, kowane kai da tasa. Ka buɗe kowace a gaban maigida. Kafin ka fara, ka duba kawunan. Wanda gashinsa ya zube wuri-wuri, da farin ɓamɓaroki, makero ne gare shi. Shi za ka aske daga ƙarshe, ka ce a kai shi asibiti.

Bayan kowane kai, ka wanke almakashi da mataji da sabulu. Ka jiƙa su minti 10 cikin jabel mai digiri 12, awo 1 a ruwa awo 6. Sannan ka ɗauraye, ka shanya, don jabel yana sa ƙarfe tsatsa. Rezar da ta yi aiki kuwa, ka jefa ta a masai.