Siton lamuni da yankin ciniki maras shinge: yadda ake jinkirta kuɗin fito

Ƙa'idar kwastam ita ce kayan da suka shigo Najeriya domin a yi amfani da su a cikinta ne ake biya wa kuɗin fito. Kayan da suka yada zango kawai, suna jiran a wuce da su Maraɗi ko Damagaram, doka ta tanadar musu mafaka iri biyu. Ɗaya ita ce siton lamuni, ɗaya kuma yankin ciniki maras shinge, irin wanda ke Fanisau a Kano.

Siton lamuni rumbun ajiya ne, galibi na ɗan kasuwa, wanda Hukumar Kwastam ta ba lasisi. Mai siton yana kawo takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora, wadda ke cewa idan kaya suka salwanta za a biya gwamnati harajinta. Ana rubuta duk abin da ya shiga, kuma ko dila ɗaya ba ta fita sai da izinin jami'i. Harajin yana nan a matsayin bashi a wuyan kayan, lokacin biyansa kurum aka ɗage.

A ƙaddara wani ɗan kasuwa daga unguwar Sheshe ya yi odar dila 1,000 ta yadi, wadda kuɗinta haɗe da na jirgi da inshora ya kai naira miliyan 100. Jadawalin harajin bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS yana da matakai biyar, wato kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Idan yadin ya faɗa matakin kashi 20, kuɗin fito miliyan 20 ke nan. Harajin VAT na kashi 7.5 ana lissafa shi ne a kan darajar kaya haɗe da kuɗin fiton, don haka zai kai miliyan 9. Jimla miliyan 29, ban da sauran ƙananan kuɗaɗe da aka bari don lissafin ya yi sauƙi.

Da a tashar Apapa ya fanshi kayan, sai ya zube wannan kuɗi tun bai sayar da ko yadi ɗaya ba. Idan kuwa ya kai su siton lamuni, zai iya fitar da dila 400 zuwa Kantin Kwari ya biya kasonsu kaɗai, naira miliyan 11.6. Sauran 600 kuma, idan suka ƙetare iyaka ta Jibiya aka kuma tabbatar da fitarsu a takarda, bashin miliyan 17.4 ya faɗi. Sai dai yana biyan hayar sito da ladan banki, kuma ajiyar tana da wa'adi. Wanda kayansa ke ƙarewa cikin mako biyu ba lallai ne tsarin ya amfane shi ba.

Yankin ciniki maras shinge ya fi haka faɗi. Fili ne da aka killace, wanda ta fuskar haraji ake ɗaukarsa tamkar yana wajen ƙasa. Hukumar NEPZA, wadda doka mai lamba 63 ta shekarar 1992 ta kafa, ita ke kula da na Fanisau da na Kalaba. A nan ana iya sarrafa kaya, a mayar da yadi tufafi, a fitar da su ba tare da kuɗin fito ya taɓa hawa kansu ba. Amma ranar da aka fito da su ta ƙofar yankin zuwa kasuwar Kano, a idon kwastam shigo da kaya aka yi, sai a biya. Dokar ta kuma hana yajin aiki na shekara goma daga fara aiki a yankin, sashen da bai cika fitowa a jawaban buɗe taro ba.

Inda tsarin ya fi rauni shi ne tsakanin ƙofar sito da bakin iyaka. Ana iya rubuta cewa mota ta nufi Nijar, alhali a wani lungun Kano aka sauke ta. Ana kuma iya ƙetarawa da gaske, sannan kayan su dawo ta ɓarauniyar hanya. Maraɗi ta daɗe da sanin irin wannan ciniki, domin kayan da ake saukewa a Kwatano da sunan masu wucewa ne sukan ƙare a kasuwannin Arewa, kuma fasa-ƙwaurin shinkafa na cikin hujjojin da gwamnati ta kafa wajen rufe iyakoki a watan Agustan 2019. Asarar biyu ce: baitulmali ya rasa kuɗinsa, sannan ɗan kasuwar da ya biya miliyan 29 cif yana gogayya da wanda bai biya ko sisi ba.

Ana gano irin wannan ne ta hanyar gwama alƙaluma. Abin da ya shiga sito dole ya yi daidai da abin da ya rage a ciki, haɗe da wanda aka biya wa haraji da wanda ya fita ƙasa. Idan kwastam na Najeriya suka rubuta fitar dila 600 ta Jibiya, ya kamata takwarorinsu na Ɗan Isa su rubuta shigar 600. In suka ce 200 suka gani, to dila 400 ne ake nema, kuma takardar lamunin nan ita ce gwamnati za ta kama ta karɓi harajinsu.