Katunan Kawakita: Tarihin Wata Dabarar Tsefe Shawarwari

A shekarar 1953 Alex Osborn, wani gwanin tallace-tallace a Amurka, ya wallafa littafin da ya yaɗa al'adar taron zuba shawarwari, inda kowa ke faɗin abin da ya zo masa ba tare da an kushe shi ba. Irin wannan taro yakan bar wa magatakarda tulin maganganu a cakuɗe. Dabarar tsefe su ta fito ne daga Japan.

Jiro Kawakita masanin al'adun al'umma ne da ya yi bincike a ƙauyukan Nepal a shekarun 1950. Bayanan da ya tattaro sun ƙi shiga rukunan da ke cikin littattafai, sai ya koma rubuta kowane batu guda a kati guda. Yakan baza katunan, ya riƙa matso da waɗanda ma'anarsu ta yi kusa, kuma ba ya raɗa wa rukuni suna sai bayan ya haɗu. Katin da bai sami ɗan'uwa ba a bar shi shi kaɗai, ba a cusa shi dole. A 1967 ya bayyana dabarar a littafinsa Hassoho, aka san ta da haruffan sunansa, KJ. Jinkirta sunan nan shi ne gishirin aikin, domin wanda ya fara da kanun magana, abin da ya riga ya sani kawai zai tarar.

Masu gudanar da taruka sukan ƙara wani mataki, wato a ba kowa 'yan ƙuri'u ya ɗiga a kan abin da yake goyon baya.

Mu ƙaddara manoman kashu goma sha biyu sun yi taro a Kambolé, cikin yankin Tchamba, an naɗi muryoyinsu. Magatakarda ya saurara, ya fitar da kati talatin. Uku daga ciki: a gyara hanya, a yi hayar mota tare zuwa Sokodé, a gina rumbun ajiya. Mai gaggawa zai ce biyun farko sufuri ne, na uku ajiya. Amma in an koma kan muryoyin, ana iya jin cewa duka ukun kuka ɗaya ne: ana sayarwa da araha saboda babu halin jira ko kai kaya gaba. Da an yi ƙuri'a kafin haɗa su, da goyon bayan ya rabu uku, wata ƙaramar shawara ta yi musu fintinkau.

Wajen ƙirga kuwa, mutane ake ƙirgawa, ba sau nawa aka ambaci abu ba. Dattijon da ya maimaita batun rumbu sau shida murya ɗaya ce. Shirun matasa a gabansa kuma ladabi ne, na'ura ba ta naɗar gyaɗa kai, don haka a bayan kowane kati sai a rubuta wanda ya kawo shawarar, da waɗanda suka mara mata baya da bakinsu, da minti nawa ne a cikin naɗin.